Mene Ne Addini? Tarihin Wata Gardamar Masana

A shekara ta 1957 wani saurayi a birnin New York na ƙasar Amurka, mai suna Daniel Seeger, ya zauna cika wata takardar gwamnati. A zamanin nan doka ta tilasta wa samari shiga soja idan an kira su, amma ta bar ƙofa ɗaya a buɗe. Wanda addininsa ya hana shi yaƙi kowane iri, za a ɗauke masa riƙon makami, a ba shi wani aiki dabam. Dokar, wadda aka gyara a 1948, ta kuma faɗi abin da take nufi da addini, wato bangaskiya ga Maɗaukaki wanda hakkinsa a kan mutum ya fi hakkin kowane ɗan Adam. Ra'ayin siyasa, ko falsafa, ko ƙa'idar da mutum ya kafa wa kansa, ta ce ba su shiga lissafi ba.

A cikin takardar akwai tambaya cewa, ko ka gaskata da Maɗaukaki? Aka bar wurin amsa biyu, i ko a'a. Seeger ya tashi a gidan Katolika, amma a lokacin nan bai iya cewa i da zuciya ɗaya ba, bai kuma iya cewa a'a ba. Ya bar tambayar a buɗe, ya bayyana cewa shi ya ba da kansa ga nagarta domin nagarta kanta, wannan bangaskiya kuwa ta hana shi kisan mutum. Hukuma ta ƙi roƙonsa. Da aka kira shi ya ƙi shiga soja, aka kai shi gaban shari'a, aka same shi da laifi. Maganar ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli, inda alƙalai tara suka iske kansu a gaban tambayar da masana suka yi kusan shekara ɗari suna gardama a kanta. Kafin a ji hukuncinsu, ya kamata mai karatu ya san inda gardamar ta samo asali.

Idan an tambayi mutum mene ne kuɗi, yana iya amsawa ta hanya biyu. Yana iya duban abin da aka yi shi da shi, ya ce kuɗi azurfa ne da aka buga wa hatimin sarauta. Yana kuma iya duban aikinsa, ya ce kuɗi shi ne duk abin da ake saye da sayarwa da shi, ake biyan bashi da shi. Amsa ta fari tana da iyaka a fili, amma ta bar wuri a waje, alhali kakanni a ƙasar Hausa sun daɗe suna ciniki da biyan sadaki da wuri. Amsa ta biyu ta shigo da wuri da takarda duka, amma ba ta san inda za ta tsaya ba, gama akuya ma tana biyan bashi, ba wanda kuwa yake kiran akuya kuɗi. Haka masana suka rabu a kan addini. Waɗansu suna duban ainihin abin da ke cikinsa, wato me aka gaskata, wa ake bauta wa. Waɗansu suna duban aikin da yake yi wa mutum da jama'a. A cikin wannan rubutu za a kira ta fari hanyar ainihi, ta biyu kuwa hanyar aiki.

Labarin ya fara ne da wani kuskure a kan mutanen Afirka. Samuel Baker, Baturen Ingila da ya bi kogin Nilu har ya isa tafkin da ya sa wa suna Albert a 1864, ya tsaya a gaban wata ƙungiyar masana a birnin Landan a 1866, ya ce kabilun da ya ratsa, irin su Dinka da Shilluk da Nuer, ba su da masaniyar Maɗaukaki, ba su da sujada kowace iri. Baker ya nemi abin da ya saba gani a gida, wato ɗakin sujada, da littafi, da firist, da ranar taro. Da bai ga ko ɗaya ba, sai ya ce ba kome. Ba shi kaɗai ba ne. Matafiya da yawa na zamanin sun koma gida da irin wannan labari daga wurare dabam dabam.

Wanda ya tsaya ya amsa musu shi ne Edward Tylor, wanda aka haifa a 1832, daga baya ya zama shehun malami na farko na ilimin al'adun ɗan Adam a jami'ar Oxford. A cikin babban littafinsa na 1871 ya nuna cewa waɗansu matafiya da suka riga Baker sun riga sun ba da labarin hadayu da addu'o'in mutanen nan na Nilu. Ya ce ai laifin na ma'auni ne. Idan aka ce sai an ga Allah ɗaya, da ranar shari'a, da ɗakin sujada kafin a ce akwai addini, to, an auna dukan duniya da mudun gida ɗaya ke nan. Saboda haka ya nemi ma'ana mafi ƙanƙanta, wadda za ta ɗauki kowa. Ya ce addini shi ne gaskatawa da akwai ruhohi, ko Allah ne, ko alloli, ko iskoki, ko kurwar kakanni. Lokaci ya gaskata shi a kan Baker. A 1956 Evans-Pritchard, wanda ya zauna a cikin Nuer ya koyi harshensu, ya rubuta littafi guda a kan addininsu, ya bayyana yadda suke kira ga Kwoth, Ruhun da ke sama, suna miƙa masa shanu hadaya.

Mai jin Hausa ba baƙo ba ne ga irin kuskuren Baker. Kalmar addini daga Larabci ta shigo, ta kuwa shigo da siffar addini mai littafi da malamai da lokatan sujada. Shi ya sa aka daɗe ana cewa Maguzawa da Azna ba su da addini, sai tsafi da al'ada, ko da yake sun san Allah ne mahalicci, suna kuma yanka wa iskoki. A ma'aunin Tylor, mai gidan da ya yanka ɗan akuya kafin shuka domin iskokin gidansu yana yin addini ne sosai, ko mai kallo ya yarda da gaskiyarsa ko bai yarda ba. Wannan wani abu ne da ya kamata a riƙe tun yanzu: masanan nan ba suna tambaya ba ne wane addini ne na gaskiya. Suna tambaya ne me za a sa a cikin kwandon da aka rubuta wa addini, me za a bari a waje.

Hanyar Tylor tana da ƙarfi, gama tana da iyaka da za a iya nunawa da yatsa. Amma ba da daɗewa ba aka kawo mata ƙara daga gabas. Buda, wanda ya yi zamani a arewacin Indiya wajen ƙarni biyar kafin haihuwar Almasihu, bai koyar da Mahalicci ba. A tsohuwar koyarwar da ake bi a Siri Lanka da Bama da Tailan, ba a musun cewa akwai alloli, amma su ma masu mutuwa ne, ba su iya kuɓutar da kowa. Mutum yana fita daga wahala ne ta wurin horon kansa da kashe sha'awa. Ga gidajen sufaye, ga littattafai, ga bukukuwa, ga miliyoyin mabiya, amma zuciyar koyarwar ba ta rataya a kan wani ruhu ba. To, a ce wannan ba addini ba ne?

Da wannan tambaya Emile Durkheim ya buɗe nasa bayani a 1912. Shi Bafaranshe ne, an haife shi a 1858, ɗan malamin Yahudawa, ko da yake shi kansa ya bar bin addinin gidansu tun yana saurayi. Ya ce Tylor ya kama reshe ya bar gindi. Abin da ke cikin kowane addini, in ji shi, shi ne raba duniya kashi biyu: abubuwa masu tsarki, waɗanda aka keɓe aka kewaye da hani, da abubuwan yau da kullum. Sa'an nan ya ƙara kashi na biyu, wanda shi ne sabon abu. Ya ce bangaskiya da ayyukan da suka shafi abubuwa masu tsarki suna ɗaure masu binsu su zama jama'a ɗaya, ya kuwa ari kalmar ikkilisiya ya kira wannan jama'a da ita, ko ta wane addini ce.

Misalinsa ya ɗauko shi ne daga kabilar Arunta ta tsakiyar Ostiraliya. Bai taɓa zuwa can ba. Ya dogara ga littafin da Spencer da Gillen suka buga a 1899. Mutanen nan suna da waɗansu ƴan allunan itace ko dutse da suke kira curinga, waɗanda ake ɓoyewa a keɓaɓɓen wuri, mata da yaran da ba a shigar da su cikin manya ba ba su da izinin ganinsu. Durkheim ya yi tambaya, me ya bambanta wannan itace da sauran itatuwan daji? Ba kome, sai alamar dangi da aka zana a kansa. Ya kwatanta shi da tuta. Tuta ƙyalle ce, amma soja yakan mutu a kanta, domin tana tsaye a madadin ƙasarsa. Daga nan ya kai ga maganar da ta tayar da ƙura: idan dangi suka taru suna rawa da waƙa a gaban alamarsu, suka ji wani iko da ya fi ƙarfinsu ya sauko musu, ikon nan na gaske ne, amma ikon jama'ar ne kanta. Aikin addini shi ne ya riƙa sabunta ɗaurin da ya haɗa su.

Wannan ma'ana ta warware waɗansu ƙulle-ƙulle. Ta shigo da mabiyan Buda ba tare da wahala ba, tun da suna da abubuwa masu tsarki, suna kuma da jama'a. Ta kuma ba da hanyar raba addini da sihiri. Mai sihiri, in ji Durkheim, yana da masu zuwa neman biyan bukata, amma ba shi da jama'a. Duk wanda ya san gidan boka zai gane maganar: masu zuwa wurinsa ba su san juna ba, da yawa ma da dare suke zuwa don kada a gan su. A ma'aunin Tylor boka da liman da fasto duk kwando ɗaya suke, tun da kowannensu yana magana a kan abin da ido ba ya gani. A ma'aunin Durkheim boka ya fita.

Amma ƙofar da aka buɗe wa Buda ba ta rufu ba. Durkheim da kansa ya lura cewa a lokacin juyin mulkin Faransa, wanda ya fara a 1789, mutane sun mai da ƙasa da ƴanci abubuwa masu tsarki, har da bukukuwa da bagadai. Waɗanda suka biyo bayansa suka ƙara faɗaɗa maganar. Idan addini shi ne duk abin da ke ɗaure jama'a, ko duk abin da ke ba mutum dalilin rayuwa da ƙarfin fuskantar mutuwa, to, kwaminisanci fa? A Tarayyar Sobiyat an adana gawar Lenin tun 1924, mutane suna jerin gwano su gan ta, akwai littattafan da ba a musu da su, akwai waɗanda aka kora domin sun kauce wa koyarwa. Amma gwamnatin nan ta yi shelar cewa ba Allah, ta rufe majami'u da masallatai. Ma'anar da ta sa mai rushe majami'a da mai sujada a cikinta a kwando ɗaya, lalle akwai abin dubawa a cikinta. Maganar akuya ce ta dawo.

Shi ya sa waɗansu suka koma baya. Melford Spiro, masani Ba'amurke da ya zauna a wani ƙauyen Bama, ya rubuta a 1966 cewa tun farko ƙarar da aka kai Tylor ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Durkheim ya karanta littattafan sufaye ne, bai ga ƙauye ba. Manomin Bama yana girmama Buda a matsayin wanda ya fi ɗan Adam, yana kuma kai baiko ga iskokin da suke kira nat domin lafiyar gida da gona. Evans-Pritchard shi ma ya ce rabon nan na mai tsarki da na yau da kullum ba ko'ina yake da kaifi ba. Ya ga Azande suna jingina masu a jikin wurin hadayar kakanninsu a ranar da ba a yin hadaya, ba wanda ya ga laifi.

Me ya sa dai aka kasa daidaitawa? Dalili mafi girma shi ne ba tambaya ɗaya suke yi ba. Tylor yana so ya san abin da mutane suke tunani a kan mafarki da mutuwa da kurwa, don haka ya kafa ma'anarsa a kan abin da aka gaskata. Durkheim ya rayu a Faransar da take raba gwamnati da ikkilisiya, abin da aka zartar a 1905, damuwarsa kuwa ita ce me zai riƙe jama'a idan tsohon ɗauri ya kwance. Kowa ya saƙa taru daidai da kifin da yake nema.

Bayan wannan, ma'anar da mutum ya zaɓa takan yanke masa hukunci tun bai fara bincike ba. A ɗauki ƙasashen Turai ta Yamma, inda masu zuwa sujada suka ragu ƙwarai bayan 1960. Mai bin hanyar ainihi zai ƙirga masu gaskatawa da Allah, ya ce addini yana ja da baya. Mai bin hanyar aiki zai ce addini ba ya mutuwa, riga kawai yake sakewa, ya koma kishin ƙasa ko bautar jin daɗi. Dukansu abu ɗaya suke kallo. Sai dai akwai rauni a maganar na biyun, gama idan an ƙaddara tun farko cewa kowane mutum yana da addini, to, ba wata shaida da za ta iya ƙaryata maganar, maganar da ba a iya gwada ta kuwa ba ta ƙara wa mai bincike sani. Akwai kuma wani abu da mai sujada da kansa zai faɗa. Matar da ta durƙusa tana addu'a a kan ɗanta marar lafiya ba tana ƙoƙarin ɗaure jama'a ba ne. Tana magana ne da wanda ta gaskata yana ji. Bayanin da ya faɗi dukan amfanin addu'arta, ya tsallake wanda take kira, ya bar abin da ita take ganin shi ne kan maganar.

Duk da haka kada a ɗauka hanyar aiki ta marasa bangaskiya ce kaɗai. Masu bi sun san ta tun kafin Durkheim. Martin Luther, a cikin Babban Katakizim na 1529, da yake bayyana doka ta fari, ya koyar cewa duk abin da zuciyar mutum ta manne masa ta dogara gare shi, shi ne allahnsa, ko da dukiya ce. Duk mai wa'azin da ya taɓa kiran son kuɗi bautar gumaka, da wannan ma'auni ya yi awo. Paul Tillich, malamin tauhidi Bajamushe da ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1933, ya gina koyarwarsa a kan wannan tushe. Ya ce bangaskiya ita ce abin da ya fi kome damun mutum, abin da yake ɗauka da gaske ba tare da ragi ba.

Ta wannan ƙofa ce hanyar aiki ta shiga kotu. Ran 8 ga Maris 1965 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan Seeger, bakin alƙalan duka ya zo ɗaya. Dokar 1948 ta bi hanyar ainihi sarai, tun da ta ambaci Maɗaukaki. Amma alƙalan sun ga haɗarin da ke ciki. Tsarin mulkin ƙasar ya hana gwamnati fifita wani addini a kan wani, alƙali Douglas kuwa ya tunatar cewa akwai mabiyan Buda a cikin ƴan ƙasa, musamman a Hawai. Idan aka riƙe kalmar a ƙuntace, za a saki Kirista mai ƙin yaƙi, a ɗaure maƙwabcinsa mai ƙin yaƙi da zuciya ɗaya kamarsa. Saboda haka alƙali Tom Clark, wanda ya rubuta hukuncin, ya kafa wani ma'auni: a duba ko bangaskiyar mutumin ta gaske ce, a kuma duba ko ta riƙe a rayuwarsa irin matsayin da Allah yake riƙe da shi a rayuwar wanda ba a shakkar addininsa. Ya kawo maganar Tillich shaida. Ba a ƙara tambayar me Seeger ya gaskata ba, sai wane aiki abin yake yi a cikinsa. Seeger bai shiga kurkuku ba. A 1967 majalisa ta cire ambaton Maɗaukaki daga dokar.

Bayan shekara biyar sai ga akuya a ƙofar kotu. Wani saurayi mai suna Elliott Welsh, wanda aka yanke wa ɗaurin shekara uku domin ya ƙi shiga soja, ya wuce Seeger nisa. Shi da hannunsa ya soke kalmar addini daga takardar, ya ce ƙin yaƙinsa ya fito ne daga karatun tarihi da nazarin zaman jama'a. A 1970 kotun ta sake shi shi ma. Alƙalai huɗu suka ce ba a bakin mutum ake jin ko abin da ya riƙe addini ne ba. Idan lamirinsa ba zai bar shi ya huta ba in ya shiga yaƙi, ya cika ma'aunin. Alƙalai uku suka ƙi, suka ce majalisa ta riga ta faɗa a fili cewa falsafa da ƙa'idar kai ba su shiga ba, ba kuwa aikin kotu ba ne ta share abin da majalisa ta rubuta.

Alƙali Harlan shi ne ya cika na biyar a wajen masu sakin Welsh, amma da dalili dabam. Ya rubuta cewa ya yi kuskure da ya sa hannu a hukuncin Seeger, gama an ja kalmar addini har ta daina nufin abin da masu dokar suka nufa. A ganinsa Welsh ba mai addini ba ne, kada a ce shi ne. Laifin yana wurin dokar, wadda ta ba mai addini abin da ta hana marar addini mai lamiri iri ɗaya, don haka sai a ba su duka biyu.